Ma'aikata biyu sun ɗauki aiki ɗaya, an biya mace ɗaya sau biyu

dan_marwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wata 'yar manhaja ta ƙungiyar adashin 'yan kasuwa a nan Marwa. Idan kwasar mutum ta zo, sakatare yana amincewa, sai a saka layi ɗaya a teburin `ayyuka` da matsayin `jira`. Akwai shirin PHP da ke zagayawa yana ɗaukar layukan yana tura kuɗin ta waya, shi nake kira ma'aikaci. Tun da ma'aikaci ɗaya ne ban taɓa ganin matsala ba. Da ƙarshen wata ya zo aiki ya taru, na kunna na biyu. Ranar Litinin wata baiwar Allah ta karɓi sefa 75,000 sau biyu. Allah ya sa mai amana ce, ita ta kira sakatare ta mayar. Ga abin da kowane ma'aikaci ke yi:

```sql
SELECT id FROM ayyuka WHERE matsayi = 'jira' ORDER BY id LIMIT 1;
UPDATE ayyuka SET matsayi = 'ana_yi' WHERE id = 4821;
```

Bayan wannan sai ya tura kuɗin, ya mayar da matsayin `an_gama`. PostgreSQL 14 nake amfani da shi. Ta ina ruwa ya shiga? Ni a ganina da zarar na farko ya sa `ana_yi` ai na biyu ba zai ƙara ganin layin ba.

mai_kanti_kuseri

Wa alaikumus salam. Ƙanena, duba maɓallin amincewar nan. Idan rezo ya yi nauyi mutane suna danna abu sau biyu, sau uku. Mu ma ya faru da mu a shago, rasit biyu suka fito wa mutum ɗaya. Ka sa maɓallin ya mutu da zarar an danna shi.

dan_marwa

Yaya mai_kanti, na duba wannan tun farko. Da dannawa biyu ce da layi biyu zan gani a tebur. Layi ɗaya ne tak, lamba 4821. A log kuma ga shi ƙiri-ƙiri: ma'aikaci A ya karanto 4821 da 10:42:07.113, ma'aikaci B ya karanto shi da 10:42:07.115. A ya rubuta `ana_yi` da .121, B ya rubuta da .124.

anti_garwa

To ai log ɗinka ya gama ba ka amsa, dan_marwa. Tsakanin lokacin da A ya karanta da lokacin da ya rubuta akwai rata, a nan kashi 8 cikin dubu na daƙiƙa. A cikin ratar nan layin yana nan a `jira` ga duk wanda ya leƙo. B ya leƙo, ya gani, ya riƙe lambar a hannunsa. Maganarka gaskiya ce cewa bayan `ana_yi` ba mai sake ganinsa, amma B ya riga ya gani kafin a kai ga nan.

Abu na biyu shi ne `UPDATE` ɗinka bai tambayi komai ba sai lambar layi. Bai ce "in har yanzu yana `jira`" ba. Saboda haka na B ya wuce lafiya lau, ya rubuta `ana_yi` a kan `ana_yi`, databes bai ga laifin kowa ba. `SELECT` tsurarsa kallo ne kawai. Kamar buhun albasa ne a kasuwa, mutum goma za su iya tsayawa suna kallonsa, wanda ya ɗora hannu shi ake ciniki da shi. Kai ma'aikatanka kallo suke yi su juya, ba wanda ya ɗora hannu.

sabo_dev

Anti, ba sai an tsawaita ba. Ya sa `BEGIN` a sama, `COMMIT` a ƙasa, shi ke nan. Ai amfanin taransakshan ke nan, ko duka ko babu.

anti_garwa

Sabo, "ko duka ko babu" yana magana ne a kan aikin mutum ɗaya, kada rabi ya shiga rabi ya tsaya. Bai hana maƙwabcinka karanta abin da kake karantawa ba. Bi shi a hankali. A ya buɗe, ya karanta 4821. B ya buɗe, ya karanta 4821, domin karatu ba ya kulle layi. A ya yi `UPDATE`, yanzu ne layin ya kullu. B ya zo da nasa `UPDATE`, ya tarar da kulle, ya tsaya jira. A ya yi `COMMIT`. Sai PostgreSQL ya sake duba sharaɗin B a kan sabon layin: shin lambar 4821 ce? Ita ce. Sai ya bar shi ya wuce. B ya ɗan jira ne kawai, amma kuɗin sun sake fita. Haka `READ COMMITTED` yake, kuma a kansa PostgreSQL yake zuwa idan ba ka canza ba.

sabo_dev

Ni dai na tuna a wani aiki da na yi na biyun kuskure ya samu, bai wuce ba.

anti_garwa

Mai yiwuwa `REPEATABLE READ` ko `SERIALIZABLE` aka sa a can. A nan kam ka yi gaskiya, B zai samu `could not serialize access due to concurrent update`. Yana kare kuɗin, amma sai ka rubuta kod ɗin da zai kama kuskuren ya sake gwadawa, kuma duk lokacin da ma'aikata suka yi karo a kan layin farko ɗaya ne zai tsira. Ga jerin ayyuka akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi.

bappa_gider

Ni abin da nake yi, kowane ma'aikaci yana ɗan barci na daƙiƙa ɗaya zuwa uku, ba tsayayye ba, kafin ya leƙa tebur. Tun da na sa ban ga karo ba.

hawwa_gaundare

Bappa, don Allah kada ka ba shi wannan shawarar a kan kuɗin mutane. Ka rage yawan haɗuwarsu ne, ratar tana nan. Ranar da suka farka tare, abin da ya samu dan_marwa zai same ka, kuma da yake ba ya faruwa sai jefi-jefi, ka fi shan wahalar gano shi.

anti_garwa

Ga abin da zan sa da ni ce. Ɗauka da rubutawa su zama umarni ɗaya:

```sql
UPDATE ayyuka
SET matsayi = 'ana_yi', mai_yi = 'A', lokacin_dauka = now()
WHERE id = (
  SELECT id FROM ayyuka
  WHERE matsayi = 'jira'
  ORDER BY id
  LIMIT 1
  FOR UPDATE SKIP LOCKED
)
RETURNING id;
```

Sai ka ƙara ginshiƙai biyun nan, `mai_yi` da `lokacin_dauka`, za su yi maka amfani gaba. `FOR UPDATE` yana kulle layin tun a lokacin karantawa, ratar nan ta toshe. `SKIP LOCKED` kuma yana gaya wa wanda ya zo daga baya cewa idan ya tarar da layi a kulle kada ya tsaya, ya tsallake zuwa na gaba. A ya tafi da 4821, B ya tafi da 4822. Idan `RETURNING` bai dawo da komai ba, babu aikin da yake sake a yanzu, ma'aikaci ya ɗan huta ya dawo. Ka'idar ɗaya ce: ba ya tura ko sisi sai a kan lambar da `RETURNING` ya ba shi.

`SKIP LOCKED` ya shigo PostgreSQL tun 9.5, a 2016, naka 14 yana da shi.

dan_marwa

Na gode Anti. Tambaya ɗaya, idan na sa `FOR UPDATE` kaɗai ba `SKIP LOCKED` fa? Zai biya sau biyu?

anti_garwa

Ba zai biya ba. B zai tsaya har A ya saki kullen, a sake duba sharaɗin, a ga layin ya bar `jira`, sai a ba shi na gaba. Lafiya ƙalau ne ta fuskar kuɗi. Illarsa jira. Idan ɗaukar ba ta wuce ƙiftawar ido ba, ba za ka ma lura ba. Amma idan A yana riƙe da kullen har ya gama magana da kamfanin tura kuɗi, daƙiƙa 20 ko 30 idan rezo ya lalace, to B yana tsaye a bayansa duk tsawon lokacin, ga ayyuka jibge ba mai taɓa su. Ka kunna ma'aikata biyu, kana samun aikin ɗaya.

Kada ka ɗauki maganata kawai, gwada da idonka. Buɗe `psql` a taga biyu. A ta farko rubuta wannan, kada ka rufe taransakshan ɗin:

```sql
BEGIN;
SELECT id FROM ayyuka WHERE matsayi = 'jira'
ORDER BY id LIMIT 1 FOR UPDATE;
```

Je ta biyu ka rubuta irinsa. Za ka ga ta yi tsit, ba amsa ba kuskure. Danna Ctrl+C, yi `ROLLBACK`, sake buɗewa ka ƙara `SKIP LOCKED` a ƙarshe. Nan take za ta ba ka lambar da ke bin ta farko. Idan ka gama yi `ROLLBACK` a duka biyun. A kwafin databes za ka yi wannan fa, ba a wanda ƙungiya ke aiki da shi ba.

hawwa_gaundare

Bari in ƙara wani abu da na gani a kod ɗin wani ɗalibi da nake dubawa. Ya sa `FOR UPDATE SKIP LOCKED` daidai, amma ya raba umarnin biyu kuma bai buɗe taransakshan ba. PDO, abin da PHP ke magana da databes da shi, idan ba ka kira `beginTransaction()` ba, kowane umarni yana rufe kansa da kansa. Kullen ya kamu, umarnin ya ƙare, kullen ya saku, kafin `UPDATE` ya iso. Ya dawo gidan jiya, alhali kod ɗin a ido kamar an gyara. Kulle yana rayuwa ne daga lokacin da aka kama shi zuwa `COMMIT` ko `ROLLBACK`. Shi ya sa na fi son yadda Anti ta haɗe su wuri ɗaya, ba inda mantuwa za ta shiga. Django dai yana ƙin yarda ka kira `select_for_update()` a wajen `atomic()`, yana jefo kuskure. PDO ba ruwansa.

abakar_njamena

Salamu alaikum jama'a. Ni na gwada a nawa, kuskuren rubutu ya ba ni a kan kalmar `SKIP`. Nawa ba kuɗi ba ne, saƙonnin tunatarwa ne ga iyayen yara na wata makaranta a nan Njamena, amma su ma wani lokaci suna zuwa bibbiyu. MySQL 5.7 ne, a sabar haya, ba ni da ikon ɗaga shi.

malam_na_yelwa

Malam Abakar, 5.7 ba shi da shi. A MySQL sai 8.0, a MariaDB sai 10.6. Amma ba ka rasa hanya ba. Karanta lambar yadda ka saba, sannan ka sa sharaɗin a cikin rubutun:

```sql
UPDATE ayyuka SET matsayi = 'ana_yi'
WHERE id = 310 AND matsayi = 'jira';
```

Sai ka duba `rowCount()`. Idan 1 ne aikin naka ne. Idan 0 ne wani ya riga ka, ka koma ka nemi wani, kada ka tura komai. Biyu ba za su taɓa samun 1 a kan layi ɗaya ba, domin na biyun sai ya jira na farko, kuma abin da na farko ya rubuta shi zai tarar. Da dan_marwa ya sa `AND matsayi = 'jira'` ɗin nan kuma yana duba adadin, da matar nan ba ta karɓi biyu ba. Inda ta gaza ta Anti shi ne idan ma'aikata sun yi yawa, duk layin farko suke rububi, ɗaya ya ci sauran su koma hannu rabbana. Ga ma'aikata biyu ko uku ba abin damuwa ba ne.

Ka kuma duba injin teburinka da `SHOW TABLE STATUS`. Tsofaffin tebura da yawa MyISAM ne, shi kuwa ba shi da taransakshan ba shi da kullen layi, `FOR UPDATE` a kansa ba ya riƙe maka komai. Sai InnoDB.

abakar_njamena

InnoDB ne, alhamdu lillahi. Zan sa sharaɗin. Allah ya saka da alheri Malam.

sabo_dev

Ni har yanzu ina ganin databes ba wurin jerin ayyuka ba ne. Ya ɗauko Redis ko RabbitMQ mana, don haka aka yi su.

malam_na_yelwa

Don adashin da bai wuce 'yan ɗaruruwan biya a wata ba? Ka ƙara masa wani abin da zai riƙa kula da shi, ga kuma sabon rami: a rubuta amincewar sakatare a databes, wuta ta ɗauke kafin saƙon ya isa RabbitMQ. Yanzu kuwa amincewar da layin aikin suna shiga tare a taransakshan ɗaya. Kuma RabbitMQ ɗin ma yana sake miƙa saƙo idan ma'aikaci ya mutu bai tabbatar da karɓa ba.

bappa_gider

To tunda an ambaci wuta, ga tambayata. Mu nan idan zafi ya kama ana iya ɗauke ta ba sallama. A ya ɗauki 4821, ya rubuta `ana_yi`, wuta ta tafi. Wa zai sake taɓa layin? Ai zai zauna a `ana_yi` har abada, mai kuɗi tana jira. Ba gara a riƙe kullen har a gama tura kuɗin ba? Idan ya mutu kullen ya saku da kansa, layin ya koma `jira`, B ya ɗauka.

hawwa_gaundare

Wannan tambayar ta fi ta barcin nan, Bappa. Mutane da yawa haka suke yi, kuma ga ƙananan ayyuka masu sauri yana tafiya. Amma "ya saku da kansa" yana da sharaɗi. Idan shirin ne ya faɗi, haɗin ya yanke, PostgreSQL ya gani nan take ya warware. Idan kuwa ma'aikacin yana wata na'ura daban kuma wuta ce ta ɗauke mata, ba wanda ya yi wa sabar sallama. Za ta ci gaba da zaton yana nan. Linux idan ba a taɓa saitinsa ba sai haɗi ya yi awa 2 shiru kafin ya fara tambayar ko ɗaya ɓangaren yana raye. Duk wannan lokacin layin a kulle yake, kuma da yake `SKIP LOCKED` tsallakewa yake yi ba ƙorafi, ba wanda zai sani. Alamarsa ita ce layi ɗaya tsoho yana zaune a `jira` alhali na bayansa duk sun wuce. Ka leƙa `pg_stat_activity` za ka ga haɗi a `idle in transaction` tun ɗazu. Maganinsa a sa `idle_in_transaction_session_timeout`, misali minti 2.

anti_garwa

Hawwa ta faɗi rabi, ga ɗaya rabin, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Bappa, ɗauka A ya tura kuɗin, sun shiga wayar matar, sannan wuta ta ɗauke kafin `COMMIT`. Databes zai warware nasa, layin ya koma `jira` kamar ba a taɓa shi ba. Kuɗin da suka fita kuwa `ROLLBACK` ba ya dawo da su. B ya ɗauka ya sake biya. Kulle yana hana biyu riƙe aiki a lokaci ɗaya. Ba ya hana a yi aikin sau biyu ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa ga kuɗi nake cewa a rubuta `ana_yi` a rufe taransakshan tukuna, sannan a tura. Nan `lokacin_dauka` zai yi aiki. Wani ɗan shiri ya riƙa dubawa, duk layin da ya wuce minti 10 a `ana_yi` ya mayar da shi `a_duba`, ba `jira` ba. Layin da ke `a_duba` ba a sake tura shi sai an tambayi kamfanin ko biyan ya wuce. Don tambayar ta yiwu, kowane aiki ya kasance da lambar shaida tasa da aka ƙirƙira tun ranar da aka saka layin, a ajiye ta a tebur, ita za a aika duk lokacin da aka gwada. Kada ma'aikaci ya ƙirƙiri sabuwa a kowane gwaji.

malam_na_yelwa

A nan kam na ɗan saɓa da Hajiya. Idan kamfanin yana ƙin karɓar lambar shaida ɗaya sau biyu, me ya sa za a tsayar da aiki a `a_duba`? A mayar da shi `jira` kai tsaye, B ya sake aikawa da lambar nan, in an riga an biya su ƙi. Ba sai an tashi sakatare da dare ba. Ga saƙonnin Malam Abakar ma ko tunani ba zan yi ba, saƙo biyu ya fi babu.

anti_garwa

Ga saƙonni na yarda, Malam. Ga kuɗi, "idan" ɗin nan taka babba ce. Sai ya karanta takardar kamfanin da yake aiki da su, kuma ya gwada da kansa a wurin gwajinsu: aika lamba ɗaya sau biyu ya ga me zai dawo. Akwai kuma A da bai mutu ba, rezo ne kawai ya riƙe shi. Minti 10 sun cika, an ba B aikin, sai ga A ya farfaɗo yana ci gaba. Don haka ko rubuta `an_gama` ma ya zama da sharaɗin `mai_yi = 'A'`, kuma kiran da yake yi wa kamfanin ya kasance da iyakar jira da ta gaza minti 10 nesa ba kusa ba, kamar daƙiƙa 60.

mai_kanti_kuseri

Ni duk wannan ya fi ƙarfina, amma a matsayin wanda yake zuba adashi, gara a ce mini "jira zuwa safe a duba" da a biya wani da kuɗina sau biyu. Ba kowa ne zai mayar ba kamar baiwar Allahn nan.

dan_marwa

Na yi gwajin taga biyun a kwafi. Ta biyu ta tsaya cik kamar yadda Anti ta ce, da na ƙara `SKIP LOCKED` ta ba ni lamba ta gaba. Na kuma zuba ayyukan ƙarya 5,000, na sake musu ma'aikata huɗu, kowanne yana rubuta lambar da ya ɗauka a wani tebur. Da tsohon kod lambobi sun maimaitu, da sabon ba ko ɗaya. Na sa `a_duba` kuma, sakatare zai riƙa ganin su a shafinsa.

Saura abu ɗaya. Wani lokaci mutum ɗaya yana da layi biyu a jere, kwasa da kuma cire bashin da ake bin sa, kuma dole a cire bashin kafin a biya. Yanzu A zai iya ɗaukar ɗaya B ya ɗauki ɗayan a lokaci guda, ko?

hawwa_gaundare

Ƙwarai kuwa. `ORDER BY id` yana tsara wanda za a fara ɗauka ne, ba wanda zai fara ƙarewa ba, kuma kullen na layin aiki ne, bai san layukan biyu na mutum ɗaya ba ne. Ni da zan haɗe su su zama aiki ɗaya, a cire bashin a lissafi, a tura ragowar.

malam_na_yelwa

Ko kuma layin biyan ya shigo da matsayin `tsare`, sai wanda ya gama cire bashin ya mayar da shi `jira`. Ya danganta da ko cire bashin lissafi ne kawai a cikin databes ko shi ma sai an kira kamfanin. dan_marwa, wanne ne a cikinsu? Turo mana yadda teburin bashin yake mu gani.